Sunan Kasuwanci ko Kamfani: Abin da Takardar Rajista ke Faɗa Game da Mai Dukiya

Tun da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta umarci masu sana'ar POS su yi rajista a 2024, har ta ɗage wa'adin daga 7 ga Yuli zuwa 5 ga Satumba, maganar rajista ta iso rumfunan Boɗinga, Sifawa da Shagari. Akasari sunan kasuwanci ake yi, domin ya fi araha da sauri, kuma shi masu shagunan intanet suka fi tallatawa. Ga mai rumfa shi kaɗai, wannan ya wadatar. Matsalar tana wajen masu haɗin gwiwa.

Rajistar sunan kasuwanci mai shi kawai take tambaya: cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar NIN, waya, imel, hoto da sa hannu, sai irin sana'ar da wurinta. Ba ta tambayar nawa kowa ya zuba. A idon doka kuma sana'ar da mai ita abu ɗaya ne, don haka bashinta na iya bin sa har gona.

Mu ƙaddara wa da ƙane sun buɗe shagon taki a Shagari, wan ya sa naira 700,000, ƙanen 300,000. Aka rubuta sunan wan shi kaɗai, saboda kunya da girmamawa. A takarda ƙanen ba shi da ko sisi, kuma ranar da aka zo rabon gado sai ya nemo shaidu. Ko da an sa sunayensu duka, takardar ba za ta nuna kason kowa ba, sai sun rubuta yarjejeniya daban.

Da kamfani suka yi, da dole an fayyace. Dokar kamfanoni ta 2020 tana son a bayyana daraktoci, waɗanda ba a yarda su gaza shekara 18 ba, da masu hannun jari da adadin na kowa, kan jarin da bai yi ƙasa da naira 100,000 ba. Idan hannun jarin miliyan ɗaya ne, wan zai riƙe 700,000, ƙanen 300,000. Dukansu za a rubuta su cikin masu iko da kamfanin, tunda kowa ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Bashi kuwa kan kamfanin yake tsayawa, sai fa in wani ya tsaya wa kamfanin a banki da kansa. Sai dai kuma akwai kuɗin hatimi, da lissafin kuɗi a tsare, da rahoton shekara mai tsada fiye da na sunan kasuwanci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu wakilai ke cike fom da wayarsu da imel ɗinsu, ko su raba hannun jari rabi da rabi ba tare da tambaya ba. Gane wannan ba wuya: satifiket ba ya nuna rabon, sai takardar bayanan da ke zuwa tare da shi. Ita ya kamata a karanta wa kowa layi-layi kafin a cika wa wakili kuɗinsa.