Yadda ake gwada mai neman aikin da za a yi daga gida

Duk mai neman aikin da ake yi daga gida zai ce shi ba sai an tsaya a kansa ba. Faɗar haka ba wuya. Abin da mai ɗaukar ma'aikata yake son sani shi ne yadda mutumin zai yi ranar da aiki ya cije masa, ga shi babu shugaba a kusa.

Kamfanin Automattic mai shafin WordPress.com, wanda Matt Mullenweg ya kafa a 2005, ma'aikatansa a warwatse suke cikin ƙasashe da dama. Ya yi suna wajen ganawa da masu neman aiki a rubuce, domin da rubutu za su riƙa hulɗa kullum. Wanda ya tsallake sai a ba shi aikin gwaji na 'yan makonni, kuma a biya shi. A 2014 Mullenweg ya bayyana cewa dala 25 suke biya a kowace awa, ko wane muƙami ake nema.

Ƙaramin kamfani ma zai iya yin haka a taƙaice. A ce mai amsa koken abokan ciniki ake nema. Ranar Litinin a tura masa koke biyar, a ce ya kawo amsoshinsu kafin ƙarfe 4 na yammacin Alhamis. Ɗaya daga ciki na wanda yake son a mayar masa da kuɗinsa ne, kuma da gangan ba a faɗi ƙa'idar mayar da kuɗi ba.

A nan hali yake fitowa. Wani zai ƙirƙiro ƙa'idar da kansa, ya yi alkawarin da kamfani ba zai cika ba. Wani zai yi shiru, sai Alhamis ya ce bai gane ba. Wanda ake nema tun Litinin zai rubuto cewa koke na uku yana buƙatar ƙa'idar mayar da kuɗi, ya duba bai same ta ba, zai ci gaba da sauran huɗun kafin amsa ta zo. Saƙo ɗaya ne, amma wanda ya farka a wata nahiya zai karanta ya amsa ba tare da ya sake tambaya ba.

Ni a ganina kuskure ne a auna mutum da saurin amsa saƙo, domin mai amsawa cikin minti ɗaya sau da yawa wayar yake tsaro, aikin yana ajiye. Haka kuma idan mai nema daga Kano ko Maraɗi ya makara saboda an ɗauke wuta, abin dubawa shi ne ko ya sanar kafin wa'adi ya cika, ya kuma faɗi sabon lokaci ya cika shi.

Gwajin kwana huɗu ba ya nuna yadda mutum zai kasance bayan wata shida, shi ya sa ake haɗawa da tuntuɓar inda ya taɓa aiki. Kuma mai wani aiki a hannu ko uwa mai raino sai da dare za su samu sarari, don haka a bar su su zaɓi sa'o'insu, a riƙe su kan wa'adi kawai.