Alwatikar da Ke Cikin Hoto: Wane Maɓalli Za Ka Danna?

Ana saura kwanaki kaɗan a shiga jarrabawar WAEC, ƙanwata ta turo mini hoton wata tambaya da ta ɗauka da waya daga littafin ƙawarta. Tambayar ba ta da tsawo. An jingina tsani mai tsawon mita 5 da bango, gindinsa ya yi kusurwa mai digiri 65 da ƙasa, ana so a faɗi tsayin da kan tsanin ya kai a jikin bangon. Ta rubuto a ƙasan hoton: "Yaya, ni 4.13 na samu, ƙawata 4.53 ta samu, wani a ajinmu kuma 2.11. Wa ya yi daidai?"

Ƙawarta ce ta yi daidai. Sauran biyun kuma ba sakaci suka yi wajen ninkawa ba. Wanda ya samu 2.11 ya danna maɓallin da bai dace ba, ita kuwa ƙanwata ta danna maɓallin da ya dace a kan kalkuletar da ke auna kusurwa da wani ma'auni dabam. Waɗannan kurakurai biyu su suka fi cin makin ɗalibai a wannan darasi, kuma kowannensu yana da alamar da ake gane shi da ita.

Matsala ta fara ne daga hoton kansa. An ɗauke shi a kaikaice, wayar kuma ta juya shi, har bangon ya koma kwance, ƙasa ta miƙe tsaye. Ɗalibin da ya saba ganin alwatika zaune a kan gindinta a allo, sai ya haddace cewa gefen da ke tsaye shi ne kaza, na kwance kuma kaza. Da hoto ya juya, haddar ta rushe. Ban da haka, idan aka ɗauki takarda daga gefe, kusurwar da take digiri 90 cif takan bayyana kamar ta buɗe ko ta tsuke, gefe ɗaya ya yi kamar ya fi ainihin tsawonsa. Saboda haka ba a ɗora abin auna kusurwa ko rula a kan hoto, kuma ba a yanke hukunci da ido. Abin dogaro shi ne alkaluma da alamomin da aka rubuta a jikin zanen. Na ce mata ta ɗauki fensir ta sake zana alwatikar a takarda, ta kwafe kowane adadi a wurinsa, kafin ta taɓa kalkuleta.

Bayan an sake zane, sai a raɗa wa gefuna uku suna, kuma akwai tsarin da ake bi. Da farko a nemo ɗan ƙaramin akwatin da ake zanawa a lungu, wanda ke nuna kusurwa mai digiri 90, wadda magina ke kira sukwaya. Gefen da ke kallon wannan akwati, wanda bai taɓa shi ba, shi ne dogon gefe, haifotenus a bakin malamai. Ko ta ina aka juya hoton, shi ne mafi tsawo. A tambayarmu bango da ƙasa ne suka haɗu a sukwaya, don haka tsani shi ne dogon gefe.

Daga nan sai ka ɗora yatsa a kan kusurwar da aka ba ka, wato digiri 65 da ke gindin tsani. Gefuna biyu ne suka haɗu a ƙarƙashin yatsanka: tsani da ƙasa. Tsani ya riga ya samu suna, don haka ƙasa ita ce maƙwabcin kusurwar. Gefe na uku, wanda yake can nesa yana fuskantar yatsanka, shi ne mafuskanci, wato bango. A lura cewa waɗannan sunaye biyu ba na dindindin ba ne. Da kusurwar da ke saman tsani aka ba mu, mai digiri 25, da bango ya zama maƙwabci, ƙasa ta zama mafuskanci. Dogon gefe kaɗai ne ba ya sauya suna.

Yanzu zaɓin maɓalli ya zo da sauƙi, domin kowane ɗaya daga cikin ukun gefuna biyu kawai yake haɗawa:

```
sin θ = mafuskanci ÷ dogon gefe
cos θ = maƙwabci ÷ dogon gefe
tan θ = mafuskanci ÷ maƙwabci
```

Wannan shi ne abin da malamai ke taƙaitawa a allo da SOH CAH TOA. Sai ka tambayi kanka abu biyu: wane gefe aka ba ni, wane gefe ake nema? An ba mu dogon gefe, ana neman mafuskanci, kuma sin ne kaɗai ya haɗa su. Kalkuleta ta ba da 0.9063 a matsayin sin 65°, aka ninka da 5, aka samu mita 4.53. Wanda ya samu 2.11 kuwa cos ya danna. Lissafinsa ba ƙarya ba ne, amsar wata tambaya ce: tazarar da ke tsakanin gindin tsani da bango ya samo. Hoton da ya juya ne ya sa ya ɗauki bango a matsayin ƙasa. Da ya tuna cewa idan kusurwa ta haura digiri 45 dole mafuskanci ya fi maƙwabci tsawo, da ya ga tsanin da ya miƙe haka ba zai tsaya a mita 2.11 ba.

Shi kuma tan, lokacinsa shi ne idan dogon gefe ba ya cikin magana, ba a ba da shi ba kuma ba a nemansa. Da cewa aka yi gindin tsanin yana mita 2.11 daga bango, a nemo tsayi, sai a ninka 2.11 da tan 65°, wato 2.1445, a dawo kan kusan 4.53 ɗin nan. Akwai kuma wurin da ake rabawa maimakon ninkawa. Idan tsayin 4.53 aka bayar ana neman tsawon tsani, abin da ake nema yana ƙasan rabon, don haka a raba 4.53 da 0.9063 a samu 5. Wanda ya ninka zai samu 4.11, tsanin da ya gaza bangon da ya kai kansa, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Saura kuskuren ƙanwata, wanda ya fi haɗari domin ba ya kama da kuskure. Ana auna kusurwa da ma'auni fiye da ɗaya, kamar yadda ake auna yadi da mita ko da kamu. Digiri ya raba da'ira gida 360. Radiyan kuwa daga jikin da'irar aka ciro shi: ka ɗauki zare mai tsawon nisan tsakiyar da'ira zuwa bakinta, ka kwantar da shi a kan bakin, kusurwar da ya buɗe daga tsakiya ita ce radiyan ɗaya, kimanin digiri 57.3. Zagaye cikakke radiyan 2π ne, kusan 6.28. Kalkuleta ba ta san abin da ke cikin zuciyarka ba. Idan tana kan radiyan ka buga mata 65, sai ta fahimci radiyan 65, wato zagaye goma cif da ƙarin kusan digiri 124. Ta ba da 0.8268, aka ninka da 5, ga 4.13.

Abin da ya sa wannan amsa ta ruɗi ƙanwata shi ne ta yi kama da gaskiya. Ba ta wuce tsawon tsani ba, ba ta kuma zo da alamar ragi ba. Wani lokaci kuskuren radiyan yana tona kansa: da cos 65 ta danna a wannan hali, da ta ga −0.5625, tazara ta fito −2.81, kuma kowa ya san babu tsawon da ke ƙasa da sifiri. Amma da sin 65 babu wannan gargaɗi. Hanyar kama shi ita ce kwatanci da kusurwar da ka sani da ka. Kowane ɗalibi ya haddace sin 60° a matsayin 0.866, wanda zai kai tsanin mita 4.33. Tsanin da ya fi haka miƙewa dole ya fi haka hawa. Tunda 4.13 bai kai 4.33 ba, akwai matsala a wani wuri.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. Kafin ka fara kowane lissafin kusurwa, buga sin 30. Idan ka ga 0.5, kana kan digiri. Idan ka ga −0.988, kana kan radiyan. Idan kuwa 0.454 ya fito, kalkuletar tana kan ma'auni na uku, giradiyan, wanda ya raba sukwaya gida 100. A kansa tsaninmu zai ba da 4.26, wata amsar mai kama da gaskiya. A kalkuletar Casio irin fx-991ES da ta yawaita a hannun ɗalibai, akwai ɗan ƙaramin harafi a saman gilashi, D ko R ko G, kuma ana komawa digiri da haka:

```
SHIFT  MODE  3
```

A kalkuletar waya a ƙara hattara, domin a wasu wayoyin rubutun Rad ko Deg da ke kan maɓalli yana nuna inda za ka koma idan ka danna, ba inda kake ba. Gwajin sin 30 ya fi karanta maɓallin tabbas. Masu aiki da Excel kuma su sani cewa shi kullum radiyan yake ɗauka, sai an juya masa:

```
=5*SIN(RADIANS(65))
```

Haka abin yake idan kusurwa ake nema. Ka raba 4.53 da 5, ka danna sin⁻¹, digiri zai ba ka kusan 65, radiyan kuma 1.13. Ɗalibi sai ya rubuta digiri 1.13, kamar tsanin da ke kwance a ƙasa. A alwatika mai sukwaya, amsar radiyan ba ta taɓa wuce 1.57 ba, don haka ƙaramin adadi irin wannan, a zanen da kusurwarsa take a buɗe, ya isa ya sa ka dubi saman gilashi. Idan ba ka son sake lissafi, ninka shi da 180 ka raba da π.

Radiyan ba abokin gaba ba ne. Da shi ake aiki a manyan darussan lissafi da kimiyya, kuma idan ka ga π a cikin kusurwa, kamar π/3, galibi shi ake nufi. Abin da ke raba su a takarda shi ne ɗan zoben nan da ke saman adadi, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa a hoto mai hazo. Idan ba ka gan shi ba, faɗaɗa hoton ko ka koma ga kalmomin tambayar.

Da ƙanwata ta duba saman kalkuletarta, sai ga R. Yayanta da ke jami'a ne ya ara ranar Asabar, ya mayar ba tare da ya ce komai ba. Ta danna maɓallai uku, ta buga sin 30 ta ga 0.5, sannan ta sake tambayar tsanin. Wannan karon 4.53 ta turo.