Rabin ƙwaya ko guda? Yadda ake ba ƙananan yara maganin tsutsar ciki

A makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake gudanarwa a jihohin Najeriya, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a bakin teburin ma'aikatan lafiya. Uwa ta zo da goyo ɗan wata tara, an ɗiga masa bitamin A a baki, amma da aka zo kan maganin tsutsar ciki sai aka tsallake shi. Ta duba gefe ta ga an ba ɗan maƙwabciyarta, sai ranta ya sosu. "Malama, shi nawa ba ɗa ba ne?" Amsar ma'aikaciyar ba ta wuce guda: "Maman yaro, ki bari ya cika shekara."

Ba rowa aka yi mata ba. Bitamin A daga wata shida ake farawa, maganin tsutsa kuwa sai wata goma sha biyu, kuma ko bayan nan ba kowane yaro ake ba adadi ɗaya ba.

Magunguna biyu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa rabawa, albendazol da mebendazol. Dukansu suna hana tsutsa cin sukarin da take rayuwa da shi, ta galabaita, ta mutu, ta fita da bayan gida cikin 'yan kwanaki. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2017, yaron da ya kai shekara biyu yana shan albendazol miligiram 400 sau ɗaya. Wanda yake tsakanin wata 12 da 23 kuma rabin wannan zai sha, wato miligiram 200. Mebendazol ba a raba shi: ƙwaya guda mai miligiram 500 ce ga duk wanda ya cika shekara. Ana maimaitawa sau ɗaya a shekara a yankin da aƙalla yaro ɗaya cikin biyar ke ɗauke da tsutsa, sau biyu kuma inda abin ya haura rabin yara.

A ɗauki gida ɗaya mai yara uku: 'yar shekara huɗu, ɗan wata goma sha takwas, da jaririn amarya mai wata tara. Maigida ya biya kemis ya sayo albendazol. Babbar za ta tauna ƙwaya guda mai miligiram 400. Na tsakiya za a ɓalle masa ita biyu a ba shi ɓari ɗaya. Amma kafin a ɓalle sai an karanta kwali, domin akwai ƙwayar da tun daga kamfani miligiram 200 ce, ita kuwa guda zai sha, yayarsa ta sha biyu. Idan na ruwa aka sayo, a nan ne iyaye suka fi yin tuntuɓe, saboda ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Wadda aka rubuta wa `200 mg/5 ml`, mililita 5 ne rabon ɗan wata goma sha takwas. Wadda aka rubuta wa `100 mg/5 ml`, sai ya sha mililita 10 kafin ya samu adadin. Uwar da ta saba da kwalba ta biyu, aka kawo mata ta farko ta auna yadda ta saba, ta ninka wa ɗanta magani ba tare da ta sani ba. Da murfin awo ko sirinji ake aunawa, domin cokulan gida kowanne da girmansa.

Jaririn amarya ba shi da rabo a wannan kwali.

Dalili na farko shi ne ba a gwada waɗannan magunguna sosai a kan jarirai ba, don haka ba a da adadin da za a ce an tabbatar da amincinsa ga taron 'yan ƙasa da shekara. A da ma iyakar shekara biyu ce, sai a 2002 ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka duba hujjojin da ke hannu suka sauko da ita zuwa wata goma sha biyu, suka tsaya nan. Shi ya sa har yau wasu takardun cikin kwali ke ambaton shekara biyu. Hantar jariri, wadda ita ke sarrafa magani, ba ta gama ƙwari ba, kuma an samu rahoton jijjiga a wasu jarirai 'yan ƙasa da shekara da aka ba mebendazol, har masu yin sa suka rubuta gargaɗin a takardarsa.

Na biyu, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙwan macijin ciki daga ƙasar da bayan gida ya gurɓata yake shiga baki, kuma yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya zama babbar tsutsa mai yin ƙwai. Jaririn da yake goye yana shan nono bai cika haɗuwa da shi ba sai ya fara rarrafe yana kai hannu baki, kuma ko ya kwasa, da wuya su taru da yawa kafin ya shekara. Yawancin abin da kakanni ke ɗora wa tsutsa a wannan shekarun, kamar rama, kumburin ciki da ƙin nono, ya fi kama da tamowa, zawo ko zazzaɓin cizon sauro. A ɗura masa maganin tsutsa a koma gida a zauna jiran sauƙi, cutar ta ainihi tana can tana cin sa. Idan kuwa an ga tsutsa ƙuru-ƙuru a kashin jariri ko a amansa, asibiti za a nufa. Likita na iya ba shi magani, amma sai ya auna nauyinsa, ya duba shi, ya zaɓi abin da ya dace.

Akwai haɗarin da ya fi sinadarin kansa saurin kisa, shi ne shaƙewa. Ƙwayar albendazol babba ce, maƙogwaron ɗan shekara ɗaya kuwa bai fi ɗan yatsansa faɗi ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin yara huɗu 'yan ƙasa da shekara uku da suka rasu a Habasha bayan ƙwayar ta shaƙe su a lokacin rabon magani. Shawarar hukumar ita ce a niƙa ƙwayar ga duk wanda bai kai shekara uku ba: a murƙushe ta tsakanin cokali biyu ko cikin takarda mai tsabta, a dama da ruwa kaɗan, a zaunar da yaro a miƙe a cinyar uwarsa, a ba shi sannu a hankali. Al'adar ɗure da aka gada, a kwantar da yaro a danne hannuwansa a toshe masa hanci, ita ce mafi muni a nan, domin yaron da ke tsala kuka yana jan numfashi da ƙarfi, maganin ya bi hanyar iska. Wanda ya ƙi sha a rarrashe shi, in ya ci gaba da turjewa a bar shi zuwa wani lokaci. Jinkirin mako guda ba ya ɓata maganin tsutsa.

Yaron da ke tari da ƙarfi yana kuka, iska tana wucewa, a bar shi ya tare. Wanda ya yi tsit, ya kasa kuka, leɓɓansa suka fara sauya launi, shi ne ya shaƙe. A kifa shi a kan cinya kansa na ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya ruga neman ma'aikacin lafiya.

Bayan an sha, ɗan tashin zuciya, murɗar ciki ko sassaucin bayan gida na yini ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, haka ma ganin tsutsa ta fito. Rashin ganinta kuma ba ya nufin magani bai ci ba, domin wasu ƙanana ne ƙwarai. Amma ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai kore, ga kashi ya tsaya, wannan na iya zama tsutsotsi sun dunƙule sun toshe hanji, kuma ba a kwana da shi a gida. Yaron da dama yake kwance da zazzaɓi mai zafi ko amai, a fara yi masa maganin abin da ke damunsa, na tsutsa ya biyo baya idan ya warware.