Inda Ake Ajiye Babbar Kalma a Kan Labari

A shekarar 1958 wani masani na kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya nuna wata dabara ta jera makaloli da na'ura bisa ga muhimman kalmomin da ke cikin kanunsu. Tun daga lokacin aikin kan labari ya zama biyu, watau ya ja hankalin ɗan Adam, ya kuma sanar da na'ura abin da makala ta ƙunsa. Injunan bincike irin su Google sun fi na'urar Luhn wayo nesa ba kusa ba, amma har yanzu suna duban kai da muhimmanci. Sabon marubuci da ya ji haka yakan zarce gona da iri, ya yi ta cusa kalma guda har kan ya rasa ma'ana.

Alal misali, a ɗauka wani ɗalibi ya rubuta makala domin sababbin zuwa Ingila, yana bayanin yadda za su isa Jami'ar Birmingham da ke unguwar Edgbaston. Abin da ya bayyana shi ne a shiga jirgin ƙasa a tashar New Street, a wuce Five Ways, a sauka a tashar University, wadda aka buɗe a 1978.

Aikinsa na farko shi ne zaɓen babbar kalma, watau abin da mai neman wannan bayani zai rubuta da hannunsa. Yana iya zaton Edgbaston ce, tun da can jami'ar take. Amma a ƙasashe da yawa an fi sanin sunan nan da filin wasan kurket, saboda haka da dama daga cikin masu rubuta shi labarin wasa suke nema. Baƙon da bai taɓa zuwa ba kuwa bai ma san sunan unguwar ba. Abin da ya sani shi ne sunan makarantar da ta ɗauke shi. Don haka babbar kalma a nan ita ce "Jami'ar Birmingham".

Daga nan sai tarkon ya zo. Ɗalibin yana iya rubuta: "Jami'ar Birmingham, Hanyar Jami'ar Birmingham, Jirgin Jami'ar Birmingham Edgbaston Ingila". Kalmar ta fito sau uku, amma babu wanda zai gane daga ina tafiyar za ta fara. Bugu da ƙari, harufansa da tazararsu sun kusa 90, alhali Google takan datse kan da ya wuce faɗin da ta tanada, wanda galibi bai fi na harufa kamar 60 ba. Akwai wata hasarar kuma. Ƙa'idojin kamfanin sun lasafta cusa kalmomi cikin dabarun yaudara, kuma a watan Agusta na 2021 ya sanar da sabon tsari wanda yakan sake wa makala kai idan nata ya yi tsawo ko ya cika maimaici. Marubucin da ya cusa, ke nan, yana iya tarar da cewa an nuna wa jama'a wani kai dabam da wanda ya rubuta.

Gyaran ba shi da wuya. Sai ya tambayi kansa abin da makalar za ta yi wa mai karatu, ya faɗe shi kamar yadda zai faɗa wa baƙo a bakin tasha: "Hanyar Zuwa Jami'ar Birmingham a Jirgin Ƙasa Daga New Street". Harufa 60 ke nan har da tazara. Babbar kalma ta fito sau ɗaya tak, kuma ta ƙare cikin rabin farko, ta yadda ko an datse wutsiyar kan a fuskar ƙaramar waya, ita za ta tsira. Ba lalle ne ta zama kalmar fari ba, domin Hausa ta fi son a ce "hanyar zuwa" wuri kafin a ambaci wurin. Edgbaston da Five Ways kuwa ba a yar da su ba. Wurinsu yana cikin sakin layi na farko.

Akwai gwaji biyu da ke tona asirin cushe. Na ɗaya, a karanta kan da ƙarfi: in harshe ya yi tuntuɓe, ko aka ji kamar kiran kaya a kasuwa, to, an cusa. Na biyu, a cire kalma a gani ko ma'ana ta ragu. Wadda aka cire ba a yi kewarta ba, dama nauyi ce kawai.

Sai dai a sani kai mai kyau ba ya ɗaga makala maras amfani. Alkawari ne kurum. Wanda ya yi alkawarin hanyar jirgi daga New Street, wajibi ne mai karatu ya tarar da sunan tashar da zai sauka tun cikin layukan farko.