Tambayoyi Biyar, Sati Biyu: Yadda Ake Mayar da Ma'aunin Walwala Zuwa Hausa

A shekarar 1998 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da nahiyar Turai ya fito da wata gajeriyar takarda da ake kira WHO-5, wadda likitan ƙwaƙwalwa Per Bech na ƙasar Denmark ya jagoranci tsara ta. Jimloli biyar ne kacal a cikinta, kuma duk a kan sati biyun da suka wuce suke tambaya: ko mutum ya kasance cikin fara'a da walwala, ko hankalinsa a kwance yake, ko yana jin kuzari a jikinsa, ko yana tashi daga barci a wartsake, da kuma ko harkokinsa na yau da kullum na ɗauke da abubuwan da ke jan ra'ayinsa. Kowace jimla tana da amsoshi shida, daga sifiri zuwa 5. Idan aka haɗa maki ana samun tsakanin sifiri da 25, sai a ninka sau huɗu ya koma bisa ɗari. Wanda makinsa bai kai 13 ba, wato ya tsaya a 50 ko ƙasa da haka bisa ɗari, ana so a ƙara duba shi ko yana fama da ciwon damuwa. An fassara takardar zuwa harsuna fiye da 30.

Gajartarta ce ke ruɗin mutane. Mai bincike zai ga layi biyar, ya miƙa wa abokinsa da ya iya Turanci da Hausa, kafin la'asar an gama, washegari a shiga asibiti ana tambayar marasa lafiya. Matsalar ita ce ingancin ma'auni ba ya bin sa zuwa sabon harshe. Lambar nan ta 13 an same ta ne ta hanyar gwada takardar a kan mutane da yawa, aka kwatanta makinsu da abin da likitoci suka gano. Da zarar kalmomin sun sauya, sai an sake tabbatar da cewa abu ɗaya ake aunawa. Mudun da aka ɗan lotsa gindinsa yana nan da sunansa na mudu, amma hatsin da yake ɗauka ya ragu, kuma mai saye ba zai gane da ido ba.

Akwai tsarin da masu wannan aiki suka saba bi, wanda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka rubuta a shekarar 2000. Mutum biyu da Hausa ce harshensu na gado za su fassara takardar, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san fannin lafiya ya kuma san abin da ake son aunawa, ɗayan kuwa da gangan ake zaɓo wanda bai san komai a fannin ba, domin shi ne zai kawo Hausar kasuwa da tsakar gida. Sai a zauna a haɗa fassarorin biyu su zama ɗaya. Daga nan a ba wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin takardar asali ba su mayar da ita Turanci. Kwamitin da ya ƙunshi masu fassarar, likita, masanin harshe da masanin ƙididdiga shi ke kwatanta komai, kafin a gwada a kan mutum 30 zuwa 40.

Wannan mayarwa zuwa harshen asali, wadda Richard Brislin ya yi fice da ita tun 1970, mutane sun ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Tana kama kuskure babba, kamar a tsallake kalma ko a juya ma'ana. Amma fassarar da ta bi Turanci kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci sumul, ko da kuwa babu Bahaushen da ke magana haka. Kwamiti zai ga takardun biyu sun yi daidai ya yi murna, alhali tsohuwar da za a karanta wa a asibitin ƙauye ba ta kama komai ba.

A ganina babban haɗarin ma ba a jimlolin biyar yake ba, a amsoshin yake. A takardar asali jerin yana saukowa ne kamar haka: kowane lokaci yana da maki 5, mafi yawan lokaci 4, fiye da rabin lokaci 3, ƙasa da rabin lokaci 2, wani lokaci 1, ko kaɗan babu sifiri. A lura da biyun nan na ƙasa. An ɗauka cewa "ƙasa da rabin lokaci" ya fi "wani lokaci" yawa. A kunnen Bahaushe kuwa "wani lokaci" na iya nufin abin da ke faruwa akai-akai, har ya zarce wanda aka ce bai kai rabi ba. Wanda ke riƙe da takarda yana ganin matakan a jere, ido na taimaka masa. Amma a wurare da yawa a ƙasar Hausa karanta wa mutum ake yi, kuma kafin a kai amsa ta shida ya manta ta biyu.

Mu ɗauki misali don a ga abin da hakan ke jawowa. A ce wata mata ta zo awon ciki, kuma ainihin halin da take ciki shi ne 3 a fara'a, 2 a kwanciyar hankali, 2 a kuzari, 1 a barci, 2 a jimlar ƙarshe. Jimilla 10 ke nan, wato 40 bisa ɗari, don haka ya kamata ma'aikaciyar jinya ta zauna da ita ta ƙara bincike. To a ce matakan amsar sun cakuɗe mata, ga kuma kunya da ɗabi'ar nan tamu ta amsa gaisuwa da "lafiya lau" da "alhamdulillahi" ko da ana cikin wani hali, sai ta hau mataki ɗaya a jimloli uku. Makinta ya zama 13, wato 52 bisa ɗari. Ta haye layin, an sallame ta. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kalmar da aka fassara ba daidai ba, amma matar da ke buƙatar taimako ta koma gida da damuwarta. A takarda mai tambayoyi 50 irin wannan zamiya tana iya narkewa a cikin sauran. A mai tambayoyi biyar, kowace jimla kashi 20 cikin ɗari ce ta dukan makin.

Gyaran da ake yi shi ne a nemo kalmomin da jerinsu ya fito fili, kamar a sa "jefi-jefi" a matakin 1, sannan a gwada. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta amsoshin shida a kan katuna, ko a karanta su a hargitse, a ce wa mutane su jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan da yawansu suka sauya wa biyu wuri, fassarar ba ta nuna ba. Wasu masu bincike kan haɗa da hoton kofuna shida masu ruwa, daga wanda ya cika zuwa wanda babu komai, mutum ya nuna da yatsa. Abin da bai halatta ba shi ne a rage amsoshin zuwa uku don sauƙi, a kuma ci gaba da amfani da lambar 13. An riga an ƙera wani ma'auni dabam.

Matakin da ya fi kowane amfani, kuma shi aka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci, shi ne zama da mutane ɗaya bayan ɗaya ana bin diddigin yadda suka fahimci tambaya. Bayan mutum ya amsa, sai mai tambaya ya ce, "Baba, da na ce hankalinka a kwance yake, me ya zo maka a rai?" ko "Hajiya, ki maimaita mini tambayar da bakinki." A nan ake ganin abin da kwamiti ba zai gani ba. Kwanciyar hankali a wurinmu ta haɗa har da zaman lafiyar gari, don haka mutumin da ke yankin da ake fama da 'yan bindiga zai iya ba da labarin garinsu maimakon na zuciyarsa. Jimla ta biyar kuma, idan aka yi amfani da kalmar "sha'awa" ba tare da lura ba, matar aure da namiji baƙo ke yi wa tambaya za ta iya sunkuyar da kai ta ba da amsar da za ta rufe zancen. Mutanen da za a zauna da su dole su bambanta: maza da mata, matasa da dattawa, mai boko da mai ajami da wanda ba ya karatu, Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram. Kuma mai tambaya ya riƙa karanta jimlar yadda aka rubuta ta, domin idan kowa na ƙara bayaninsa, kowa da takardarsa yake aiki.

Bayan an gamsu da kalmomi sai a koma ga lissafi, a kan mutane ɗaruruwa. Ana duba ko jimlolin biyar suna tafiya tare, ta wani awo da ake kira alfa ta Cronbach, wanda aka saba neman ya kai 0.70. Ana sake tambayar wasu bayan 'yan kwanaki a ga ko makinsu ya tsaya kusa da na farko. Sannan ana neman jimlar da ta bauɗe. Misali, a ɗauki mutanen da amsoshinsu a jimloli huɗu suka yi daidai da na masu amsawa da Turanci, amma a ta barci kullum suna ƙasa. Wannan alama ce cewa jimlar tana auna wani abu ban da walwala. Zai iya zama lokacin da aka yi binciken ne: a watan azumi ana tashi sahur, a zafin bazara kuma barci kan gagara ko ga wanda ba ya da wata damuwa. Sai an kawar da irin wannan shakka kafin a ce makin Kano ya fi ko bai kai na wata ƙasa ba.

Ita kanta lambar 13 sai an sake gwada ta. Likitan ƙwaƙwalwa zai tattauna da rukunin mutanen da suka amsa takardar ba tare da ya san makinsu ba, sannan a ƙirga: cikin waɗanda ya tabbatar suna da ciwon damuwa, nawa takardar ta kamo, kuma cikin masu lafiya nawa ta ɗauka marasa lafiya ne. Idan lamba 12 ko 14 ce ta fi raba su da kyau a sabon harshen, ita za a ba ma'aikatan asibiti.

Wani lokaci kuma binciken kan nuna cewa akwai abin da mutane ke kuka da shi wanda takardar ba ta taɓo ba, kamar yawan tunani. Nan mai bincike kan ji kamar ya ƙara jimla ta shida. Kada ya ƙara ta cikin lissafin. Ya yi tambayar a gefe, ya ba ta makinta dabam, biyar ɗin su zauna yadda suke don a iya kwatanta su da na sauran ƙasashe. Idan kuwa giɓin ya yi yawa, akwai hanyar da aka bi a Zimbabwe, inda Vikram Patel da abokan aikinsa suka tattara kalmomin da masu jin harshen Shona ke bayyana damuwarsu da su, ciki har da yawan tunanin, suka gina sabuwar takarda mai tambayoyi 14 da aka wallafa a 1997.