Ribar Kwana Bakwai

Ga wata gajeruwar dirama da ke tona asirin 'yan damfarar zuba jari ta waya.

SANI: Yaya, ara mini dubu ashirin. Wata manhaja na samu, ana ninka kuɗi cikin kwana bakwai. Na saka dubu biyu, sun biya ni huɗu.

HADIZA: Me suke sayarwa?

SANI: Ba komai. Sai dai ka kawo mutum uku.

HADIZA: To kuɗin sabbin shiga aka ba ka, don ka saki jiki. Ranar da mutane suka daina shiga, shafin zai rufe. Haka MMM ta yi wa jama'a a 2016.

SANI: Ashe tarko ne!

Mai karatu, kwaɗayi mabuɗin wahala. Ribar da ba ciniki bayanta, guje ta.