Yadda Ake Fitar da Harajin Kaya Daga Cikin Farashi

Tun daga watan Fabrairun 2020, harajin kaya da ake rubutawa VAT a rasit ya koma kashi 7.5 cikin 100 a Nijeriya. Ɗora shi a kan farashi ba wuya. Inda 'yan kasuwa da masu riƙe littafin shago suke tuntuɓe shi ne idan an riga an haɗa harajin cikin farashi, ana son a san nawa ne na hukuma.

A ce an sayar da firji naira 107,500, har da haraji. Mai gaggawa sai ya ɗauki kalkuleta ya fitar da kashi 7.5 na wannan kuɗi, ya samu naira 8,062.50, ya ce haraji ke nan. Wannan kuskure ne, domin a kan asalin kuɗin kaya ake ɗora haraji, ba a kan jimla ba. Jimlar kuwa kashi 107.5 ce: kashi 100 na kaya, kashi 7.5 na haraji. Wanda ya cire kashi 7.5 daga jimla ya ɗora wa harajin kansa haraji.

Hanyar daidai ita ce a raba jimlar da 1.075. Idan aka raba 107,500 haka, za a samu 100,000 cif, wato kuɗin firjin. Abin da ya rage, naira 7,500, shi ne harajin. Akwai kuma gajeriyar hanya mai inganci: a raba jimlar gida 43, a ɗauki uku. Gida ɗaya 2,500 ne, uku kuma 7,500.

Bambancin naira 562.50 ne a kan firji ɗaya, kuma daga ribar mai shago zai fita idan ya miƙa wa hukuma. A cinikin wata guda, asarar ba ƙarama ba ce. Kuma gwargwadon girman haraji, gwargwadon girman kuskuren. A Nijar, inda harajin yake kashi 19, kayan sefa 11,900 harajinsa 1,900 ne idan an raba da 1.19, amma gurguwar hanya sai ta ba da 2,261.

Gane kuskuren abu ne mai sauƙi. Ka ɗauki asalin kuɗin da ka samu, ka sake ɗora masa harajin. Idan lissafinka daidai ne, dole ya dawo kan jimlar rasit. Mai gaggawan nan an bar masa 99,437.50, in ya ƙara kashi 7.5, zai tsaya a 106,895.31, bai kai 107,500 ba.

A kula kuma da rasit mai gaurayen kaya. Magunguna da kayan abinci na yau da kullum ba a karɓar wannan haraji a kansu a Nijeriya, don haka a ware su tukuna, sannan a raba sauran. Mai shago, kada ka rufe littafin wata sai ka yi wannan gwaji.